Fam 68 a Bakin Ƙofa: Abin da Ya Kamata Mai Talla Ya Faɗa wa Mai Saye na Ƙetare

Ƙanwata tana sayar da jakunkunan fata ɗinkin Kano. Tana da masu ɗinka mata a wajajen Ƙofar Wambai, ita kuma aikinta ɗaukar hoto da tallatawa ta waya. Bara wata baiwar Allah mazauniyar Birmingham ta ga hotunan, ta zaɓi guda uku, kowace fam 60. Ƙanwata ta ce kuɗin aike fam 70 ne, matar ta turo fam 250 cif ba tare da neman ragi ba. Aka ce mata kaya za su iso cikin kwana biyar.

Sai a rana ta goma sha shida saƙo ya shigo wayar matar, shi ma ba na isowar kaya ba ne. Kamfanin dakon ne ke cewa kwalinta yana hannunsu, amma sai ta biya fam 68 kafin su kawo. Muryar da ta aiko wa ƙanwata a daren nan na saurare ta. Ba ta yi zagi ba. Cewa ta yi: "'Yar'uwa, da kin gaya mini tun farko, wallahi da na shirya. Yanzu maigidana gani yake kamar an damfare ni." Ƙanwata ta kwana ba ta runtsa ba. Ko sisi ba ta ci daga cikin fam 68 ɗin nan ba, hasali ma ba ta san da zamansu ba. Amma sunanta ne a kan kwalin, kuma ita ce ta rubuta tallar.

Tun daga ranar nake lura da tallace-tallacen mutanenmu masu aika kaya waje. Za ka ga hoto mai kyau, ga farashi, sai a ƙasa a rubuta "muna aikawa ko'ina a duniya". Shi ke nan. Wannan jimla ɗaya ta binne tambayoyi uku da mai saye zai yi ko ba jima ko ba daɗe: yaushe zan karɓa, nawa ne kuɗin kawowa, kuma akwai abin da za a sake cewa in biya? Ta ukun ce ke raba mutane, don haka da ita zan fara.

Fam 68 ɗin nan ba daga sama suka faɗo ba. Kowace ƙasa tana da hurumin karɓar kuɗi a kan kayan da suka shigo mata, kuma a Birtaniya ƙa'idar a rubuce take. Tun 1 ga Janairun 2021, kayan da darajarsu ba ta wuce fam 135 ba, ba a karɓar musu kuɗin fito, harajin VAT ɗinsu kuma a wajen ciniki ake so a karɓe shi. Idan ta babbar kasuwar intanet irin su eBay ko Etsy aka yi cinikin, ita kasuwar ce ke ɗora harajin tun lokacin biya, idan kuma kai tsaye ne, doka a wuyan mai sayarwa ta rataya shi. Da zarar daraja ta haura fam 135, sai lissafi ya koma bakin iyaka, kuma yawanci wanda zai karɓi kaya ne ake miƙa wa takardar biya. Jakunkuna uku na ƙanwata fam 180 ne. Sun haura.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne, kwastam ba a kan kuɗin kaya kaɗai suke lissafi ba. Suna haɗawa da kuɗin dako, da inshora idan an yi. Wato fam 180 da fam 70, ya zama 250. A kan wannan aka ɗora kuɗin fito na kashi 2 cikin ɗari, fam 5 ke nan, bai taka kara ya karya ba. Sannan aka zo kan VAT, wanda a Birtaniya kashi 20 cikin ɗari ne, kuma ana ɗora shi a kan komai har da kuɗin fiton: kashi 20 na fam 255, fam 51. Kamfanin dakon kuma, da yake shi ya fara biya wa gwamnati daga aljihunsa don kaya su fita da wuri, ya ɗora ladan ɗawainiyarsa, fam 12. Biyar da hamsin da ɗaya da sha biyu, ga fam 68. Jakunkunan da aka tallata a fam 180 sun tsaya wa matar nan a fam 318.

Duba da kyau ka ga wane ne babba a cikin ukun. Mu a nan da an ce kwastam, kuɗin fito ne ke faɗo mana a rai, alhali a kayan da ke shiga Turai sau da yawa VAT ne ke cizo. Birtaniya tana da wani tsari na sassauci ga ƙasashe masu tasowa da ya fara aiki a 2023, Najeriya na ciki, wanda ke sauke kuɗin fito a kan kayayyaki da yawa idan an nuna a takarda cewa a nan aka yi su. Abu ne mai kyau, amma da an yi amfani da shi a kwalin ƙanwata, abin da zai ragu bai wuce fam 6 ba. Fam 50 na VAT suna nan daram. Saboda haka mai tallar da ya rubuta "babu kuɗin fito" yana iya faɗin gaskiya, kuma duk da haka mai saye ya sha mamaki a bakin ƙofa.

'Yan kasuwar duniya sun daɗe da warware wannan tambaya ta wa zai biya. Akwai gajerun haruffa da Cibiyar Kasuwanci ta Duniya ta tsara, bugun da ake aiki da shi yanzu na 2020 ne, kuma biyu daga ciki ne suka shafi ƙaramin ɗan kasuwa. Za ka gan su a fom ɗin kamfanin dako. DAP na nufin kai ka biya dako har gidan mai saye, shi kuma ya ji da fito da haraji. DDP na nufin ka ɗauke masa komai, kaya su iso hannunsa ba tare da ya sake ciro kwabo ba. Idan ba ka zaɓi komai ba, galibi a na farkon ake barin ka, abin da ya faru da ƙanwata ke nan. Babu laifi a ko wanne. DDP ya fi daɗi ga mai saye, amma dole ka zuba harajin cikin farashinka, kuma kamfanin yakan caje ka wani ɗan kuɗi na wannan hidima. DAP ya fi sauƙi gare ka, da sharaɗin ka faɗa ɓaro-ɓaro. Kada kuma ka rubuta haruffan nan uku kawai ka yi gaba, domin mai sayen jaka ba dilan fito ba ce. Rubuta mata da maganar mutane, ka kuma ba ta adadi. "Ana iya neman kuɗin kwastam" ba bayani ba ne, kare kai ne kawai. "Ki sa ran za a nemi wajen fam 65 zuwa 70" shi ne bayani.

Na san abin da wani zai ce: idan na rubuta haka ai masu saye guduwa za su yi. Wasu za su gudu, gaskiya ne. Amma wanda ya gudu kafin ya biya, ciniki ɗaya ka rasa. Wanda ya ƙi karɓar kwali a can fa? Kamfanin zai tuntuɓe ka, ko dai ka biya kuɗin dawo da shi, wanda yakan kai ko ya fi na tafiya, ko ka yafe a lalata shi. Ga mai saye yana neman kuɗinsa. Ka rasa kaya, ka rasa dako, ka rasa mutum.

Akwai kuma roƙon da kusan duk mai aika kaya ya taɓa ji: "Don Allah rubuta kyauta ce," ko "rage kuɗin a takarda." Ina roƙon 'yan'uwa su daina amsa wannan roƙo. Na farko ƙarya ce, kuma sa hannunka ne a ƙasan takardar. Na biyu ba ta ma cika aiki ba, domin a Birtaniya kyautar da ta wuce fam 39 ita ma ana karɓar mata VAT, kuma jami'in da ya buɗe kwali ya ga jakunkuna uku sababbi fil da takardar farashi ya san abin da yake kallo. Yana iya neman shaidar biya, kaya su yi ta zama. Na uku, in kwalin ya ɓace, diyya ba za ta wuce abin da ka rubuta ba. Ka rubuta fam 30, da bakinka ka ce darajarsa ke nan.

Ita takardar bayanin kaya, ko ta gidan waya mai lamba CN22 da CN23, ko rasit ɗin ciniki da kamfanonin dako ke nema, tana son a yi mata dalla-dalla. "Kayan fata" bai isa ba. A rubuta jakar hannu ta mata, fatar akuya, guda uku, kowace fam 60, an yi a Najeriya. Kowane irin kaya yana da lambarsa a tsarin da kwastam na duniya ke amfani da shi, wanda ake kira HS, kuma lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina. Jakunkuna suna ƙarƙashin 4202, takalman da samansu fata ne suna 6403. Da wannan lamba ake gano kason da za a caje ka, shi ya sa jaka da takalmi daga fata ɗaya ba sa biyan fito ɗaya. Ambaton irin fatar ma yana da dalili. Fatar mesa da ta kada suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kare namun daji, kuma idan babu takardar izini, ƙwacewa ake yi. Duk wanda ke tallar irin waɗannan jakunkuna ga 'yan ƙetare ya san da wannan tun kafin ya karɓi kuɗin mutane.

Mu koma kan fam 70 na aike, domin nan ma akwai darasi. Da ƙanwata ta ɗora jakunkunan a sikeli, kilo 3.2 ta gani, da shi ta yi tambaya aka faɗa mata kuɗi ta waya. Da ta isa ofishin, sai ma'aikacin ya ɗauko tef ya auna kwalin: tsawo santimita 40, faɗi 30, tsayi 25. Jirgin sama wuri yake sayarwa, ba nauyi kaɗai ba, don haka manyan kamfanonin dako na gaggawa suna ninka ukun nan su raba da 5,000, abin da ya fito su kira shi nauyin girma.

```
40 × 30 × 25 ÷ 5000 = 6
```

Kilo 6. Tsakanin nauyin sikeli da nauyin girma, wanda ya fi yawa shi ake caja. Ta cusa wa jakunkunan takarda don kada su lanƙwashe, ta sa su a kwalin da ta samu a gida, ashe iska ta biya wa kuɗin jirgi, kuma cikon daga ribarta ya fita tunda ta riga ta yanke wa matar farashi. Da ta kwantar da su a kwali mai 35 da 30 da 15, lissafin girma zai tsaya a 3.15, sai a koma kan sikeli, a cika shi zuwa kilo uku da rabi. Wannan ya fi shafar masu sayar da abu mara nauyi mai cin wuri: huluna da ba a son su karye, faifai, kwanduna. Dokar a nan gajeriya ce, kada ka rubuta kuɗin aike a talla sai ka ɗaure kayan yadda za su tafi, ka auna kwalin, ka tambaya da sunan garin da za shi. Ka kuma raba kuɗin kaya da na aike a rubuce, kowanne da layinsa. Ba don tsabta kaɗai ba: iyakar fam 135 ɗin nan a kan kuɗin kaya zalla ake duba ta, matuƙar an nuna dako daban. Wanda ya narkar da dakon cikin farashi ya rubuta "aike kyauta" yana iya tura kayan fam 120 su tsallake iyakar da hannunsa.

Sai maganar lokaci. "Kwana biyar" da ƙanwata ta faɗa ba ƙirƙira ta yi ba, abin da ta ji a ofishin dako ne. Abin da ba ta lura ba shi ne, su daga ranar da kwali ya shiga hannunsu suke ƙirga, kuma ranakun aiki suke nufi, ban da Asabar da Lahadi, ban da zaman kwastam. Ita kuwa mai saye daga ranar da kuɗi ya bar asusunta take ƙirga. Ga yadda kwanakin suka tafi. An biya ranar Alhamis. Ɗaya daga cikin jakunkunan babu ita a ƙasa, sai da aka ɗinka, mako guda ya tafi. An kai ofis ranar Juma'a da yamma bayan an sauko daga masallaci, kayan ranar sun riga sun wuce, kwali ya kwana har Litinin. Daga Kano sai da ya biya ta Legas kafin ya hau jirgin ƙetare. Da ya sauka can kuma ya tsaya jiran lissafin haraji. Babu wanda ya yi sakaci a cikin duk waɗannan. Lokaci ne kashi uku, na haɗa kaya, na hanya, da na kwastam, aka faɗa wa mai saye na tsakiyar kaɗai.

Na farkon yana hannunka, don haka faɗe shi yadda yake, har da makon Sallah da maɗinka ba sa ɗaga kai, da Disamba da kamfanonin dako ke cika maƙil. Na biyun ka ba da tazara, daga kaza zuwa kaza, ka rubuta "ranakun aiki". Na ukun ba ya hannunka, amma kana iya rage shi. Mafi yawan kwalayen da ke maƙalewa, ko dai bayaninsu a dunƙule yake, ko kuma babu lambar waya da imel na mai karɓa, an rasa ta inda za a aika masa takardar biya. Idan ka duba lambar bibiya ka ga kaya sun isa ƙasar amma sun yi kwana biyu ko uku na aiki ba motsi, kada ka zauna jira. Ka ce wa mai saye ya duba saƙonninsa, har da akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa, kai kuma ka kira ofishin da ka ba kayan. Ga wanda ke sayen kayan biki, tambaya ɗaya ta kamata ka yi kafin ka karɓi kuɗi: yaushe ne ɗaurin auren?

Wasu kayan kuma ba maganar jinkiri ba ce, ba sa shiga ne sam. Kilishi da dambun nama ba a yarda a aika su ta kwali zuwa Birtaniya ko ƙasashen Tarayyar Turai daga Najeriya ba. Turaren da aka haɗa da sinadari mai kama wuta, dokar jiragen sama a jerin kaya masu haɗari ta sa shi, kamfanoni da yawa ba sa karɓa daga hannun ɗaiɗaikun mutane. Mai sayar da humra da ta rubuta "ko'ina a duniya" ta yi alkawarin da ba lallai ta iya cikawa ba. Gara ta lissafa ƙasashen da ta tabbatar.

Dokokin nan kuma ba sa zama wuri ɗaya. Shekaru da dama kayan da ba su wuce dala 800 ba suna shiga Amurka ba fito, har masu talla suka saba rubuta wa 'yan can cewa babu abin da za su biya. Ranar 29 ga Agustan 2025 aka dakatar da wannan rangwame ga duk ƙasashe. Tarayyar Turai ma tun 1 ga Yulin 2021 ta soke yafiyar VAT da take yi wa kayan da ba su wuce yuro 22 ba. Duk tallar da ke ɗauke da tsohon bayani ta zama tarko, ko da mai ita bai nufa ba. Shi ya sa nake ganin ya dace a sa watan da aka yi lissafin a gefen adadin.

Mai saye na Maraɗi ko Damagaram kuwa, lamarinsa daban ne, amma kada kusanci ya sa a yi sakaci. Kaya a mota suke bi ta Jibiya ko Maigatari, kuma direban da ya ce "kuɗin mota kaza" ba kullum yake haɗawa da abin da za a nema a bakin iyaka ba. A tambaye shi, a rubuta wa mai saye, a kuma faɗi tashar da zai je ya karɓa. Iyakar ma takan rufe: ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023. Sannan a ambaci irin kuɗin da sunansa. Bakano in ya ce jaka, naira ɗari biyu yake nufi. Bamaraɗe in ya ce jaka, sefa dubu ce.

Ƙanwata ta mayar wa matar Birmingham rabin fam 68 ɗin daga aljihunta, duk da na ce mata doka ba ta ɗora mata ba. Sannan muka zauna muka sake rubuta abin da ke ƙasan hotunanta. Ga shi kamar yadda yake yanzu:

"Jaka ɗaya fam 60. Aikewa Birtaniya: fam 45 jaka ɗaya, fam 55 har guda uku a kwali ɗaya. Wadda ke ƙasa tana barin Kano cikin kwana 2, wadda za a ɗinka kwana 7 zuwa 10. Hanya ranakun aiki 4 zuwa 7, kwastam na iya ƙara 2 ko 3. Idan sayayyarki ta wuce fam 135, kamfanin dako zai nemi ki biya VAT kashi 20 cikin ɗari na kuɗin kaya da aike, da ɗan kuɗin fito da ladansu, kafin su kawo. A jaka uku, wajen fam 65 ke nan. Wannan kuɗi ba ya zuwa hannuna. In kin fi son in biya daga nan in haɗa miki a farashi, ki faɗa mini. Ki turo lambar waya da imel tare da adireshi."

Ya fi tsohon tsawo sau goma, kuma akwai waɗanda suka karanta suka yi shiru ba su dawo ba. Matar Birmingham ta dawo kafin azumi, ta zaɓi guda uku za ta raba wa 'yan'uwan mijinta, ta ce a biya komai daga Kano a haɗa mata lissafi ɗaya.